Sharhin Bayan Labarai: Yadda Ake Rubuta Sanarwar Neman Mai Karɓar Baƙi a Masauki



A Kaduna, duk wanda ya ratsa Unguwar Rimi, ko Malali, ko Unguwar Sarki, ko layukan da ke bayan titin Isa Kaita da titin Sultan, ya san cewa gidaje da dama da a da manyan ma'aikata ke zaune cikinsu yanzu sun koma masaukin baƙi. Ba manyan otal-otal irin Hamdala nake nufi ba. Ina magana ne a kan ƙananan masaukai masu ɗaki goma ko ashirin, waɗanda ke cika idan ana taro a Gidan Arewa, ko ranar yaye hafsoshi a makarantar horon sojoji, ko lokacin kasuwar baje koli ta hanyar Zariya. Tun da jirgin ƙasan Abuja ya fara sauke fasinja a Rigasa cikin 2016, baƙin kwana ɗaya ma sun zama ruwan dare. Kowane irin wannan gida yana buƙatar wanda zai zauna a teburin bakin ƙofa ya karɓi baƙo, kuma masu gidajen ba sa rabo da neman irin wannan ma'aikaci, domin kujera ce da ba a cika daɗewa a kanta ba.

Ni a ganina, rashin daɗewar nan tun daga takardar sanarwa yake farawa. Ku dubi irin wadda ake mannawa a jikin get ko ake yawo da ita a WhatsApp. Da Turanci ake rubuta ta, kuma abin da takan ce bai wuce wannan ba: ana neman mace mai fara'a, mai kyan shiga, mai ƙwazo, wadda ta iya magana da mutane kuma za ta jure matsin aiki, albashi mai tsoka, a kira lamba kaza. Shi ke nan. Babu sunan masaukin, babu unguwa, babu lokacin shiga da tashi, babu adadin kuɗi, babu ranar da za a rufe. Yanzu don Allah, yarinyar da ke Kawo ko Badarawa ta karanta wannan, me ta ƙaru da shi? Kowa yana ganin kansa mai fara'a ne kuma mai ƙwazo. Sharuɗɗan ba su tace kowa ba, shi ya sa wayar manaja ba ta hutawa, kuma duk mai kira tambaya ɗaya yake yi: a ina ne, nawa ne, akwai kwana?

Aikin sanarwa shi ne ta ba mai karatu damar yanke wa kansa hukunci tun yana gida, ko aikin nan nasa ne ko ba nasa ba ne. Wanda aikin bai dace da shi ba ya haƙura ba tare da ya kashe kuɗin mota ba, wanda ya dace kuma ya zo da shirinsa. Abin da zan bi da ku ke nan a yau, kuma zan yi shi da misali guda, na masauki mai ɗaki 14 a Unguwar Rimi. Misali ne na ƙaga don mu ga yadda ake yi, haka ma alƙaluman da zan sa masa, kada wani ya ɗauke su a matsayin farashin gari.

Kafin Alhaji mai masauki ya ɗauki biro, ya fara zama da wanda ke kan teburin yanzu, ko da manajansa, ya ce a faɗa masa abin da ake yi daga shiga zuwa tashi. Zai sha mamakin tsawon bayanin. Baƙo ya iso, a gaya masa kuɗin ɗaki, a rubuta sunansa da lambar wayarsa da katin shaidarsa a rajista, a karɓi kuɗi, a yanka masa rasit, a ba shi makulli. Kuɗin nan kuwa hanya uku yake shigowa: ko tsaba, ko kati ta na'urar POS, ko turawa ta waya. Ta ukun nan ita ce mai haɗari, domin akwai masu nuna saƙon banki na bogi, kuma wanda bai san cewa sai an duba asusun masauki an ga kuɗi sun sauka kafin a ba da makulli ba, rana ɗaya zai jawo asarar kuɗin ɗaki. Ban da wannan akwai amsa waya, da riƙe wa wanda ya yi kamu ɗakinsa, da tuna wa baƙo cewa ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, da sanar da mai shara ɗakin da aka bari. Idan aka ɗauke wuta, teburin nan ake bugo wa a yi ƙorafi, kuma shi ne zai nemo mai janareta. Idan lokacin tashi ya yi, a ƙirga kuɗi, a gwada su da rasit, a miƙa wa mai karɓa, kowa ya sa hannu.

To wannan shi ne aikin, kuma shi ya kamata sanarwa ta faɗa, da kalmomin aikatau da ido ke iya gani: karɓa, rubutawa, ƙirgawa, miƙawa. Ba sai an kwashe duka an zuba ba. A zaɓi huɗu ko biyar da suka fi cin lokaci ko suka fi haɗari. Da zarar ka rubuta cewa za a riƙa karɓar kuɗi ana ƙirga su a ƙarshen aiki, wanda ya san lissafi ba ya yi da shi zai janye da kansa. Da ka ce ana son mai riƙon amana kawai, da kowa ya zo, don ba a taɓa jin wanda ya ce shi ba shi da amana ba.

Sai lokaci, kuma a nan nake so in ɗan daɗe, domin nan ne ake yawan ɓoye gaskiya. Masauki ba ya rufe ƙofa. Dole wani ya kasance a tebur dare da rana, ranar Juma'a da Lahadi, ranar Sallah da Kirsimeti. Masaukinmu na misali ya raba yini uku: daga 7 na safe zuwa 3 na rana, daga 3 zuwa 10 na dare, daga 10 zuwa 7 na safe. Ku yi lissafin tare da ni. Zama uku a rana, sau kwana bakwai, zama 21 ke nan a mako. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai, wato mutum ɗaya zama shida zai yi. Mutum uku za su cike 18, saura uku babu kowa. Ke nan ko a ɗauki na huɗu, ko manaja ya riƙa zama da kansa, ko kuma, abin da aka fi yi, a riƙa cewa wane ya haɗa biyu yau. Mai masaukin da bai yi wannan lissafi ba zai rubuta cewa akwai hutun mako da zuciya ɗaya, sannan ya karya alƙawarin tun a makon farko. Idan kuwa gaskiyar gidanka ita ce mutum biyu ne, kowa awa 12, to ka rubuta awa 12. Za ka sami masu so, kuma su ne za su zauna.

Batun dare ba ƙaramin batu ba ne a wannan gari namu. Wadda ta tashi ƙarfe 10 na dare a Unguwar Rimi, idan gidansu Kabala Costain ne ko Unguwar Kudu, da sauƙi. Idan kuwa Rigasa za ta koma, ko Mando, ko ta tsallaka gada zuwa Barnawa ko Sabon Tasha, wannan wani lissafi ne daban, kuma ba ita kaɗai ke yin sa ba: akwai uba, akwai miji, akwai yayan da zai fito tarbo ta. Saboda haka sanarwa ta amsa abubuwa uku a fili. Akwai aikin dare? Na kowa ne bi da bi, ko akwai wanda aka ware masa? Wanda ya tashi da dare, akwai ɗakin da zai kwana ko abin hawan da zai kai shi? Wasu masu masauki sun ga hanya mafi sauƙi ita ce su rubuta cewa sai mazaunin unguwa kaza. Ban ga hikimar wannan ba. Tun bayan rikicin shekara ta 2000, da mutane da yawa suka sake matsuguni, kowa a Kaduna ya san abin da kunne ke ji idan aka ce sai ɗan wannan ɓangare na kogi. Kana iya nufin kusanci ne kawai, mai karatu ya ji kamar addininsa ka tambaya. Faɗi inda masaukin yake da lokacin tashi, ka bar mutum ya auna nisan da kansa.

Haka zancen yake a kan albashi. Albashi mai tsoka ba adadi ba ne. A ce masaukinmu zai biya naira 75,000 a wata. A ce kuma mai nema tana kashe naira 1,000 kullum a keke da bas, zuwa da dawowa. Kwana 26 na aiki, naira 26,000 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin. Wannan lissafi za ta yi shi ko ba daɗe ko ba jima. Abin tambaya kawai shi ne, za ta yi shi kafin ta zo, ko bayan ka kwashe mako biyu kana koya mata rajista da na'ura? Masu masauki kan ce ba sa son maƙwabta su san abin da suke biya. Ai sun riga sun sani, ma'aikatan layi ɗaya a wurin mai shayi guda suke haɗuwa. Idan kuɗin ya danganta da ƙwarewa, a ce daga kaza zuwa kaza, a kuma faɗi ranar biya, da ko akwai abincin rana.

Kuma a san inda doka ta tsaya. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a ƙasa baki ɗaya. Dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma mafi yawan ƙananan masaukai a nan suka faɗo. Amma keɓewar doka ba ta hana mai neman aiki gwada adadinka da wancan ba, domin shi ne ma'aunin da ke kan kowa yanzu. Akwai kuma al'adar nan ta cewa duk abin da ya yi giɓi a aljihun tebur za a zare shi daga albashi. Dokar Ƙwadago ba ta bar wannan a hannun mai gida yadda ya ga dama ba. Ta hana cin tara daga albashi, kuma asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci ma, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago ake cire ta. Don haka kada a sa barazanar yankan albashi cikin sanarwa. A faɗi cewa ana ƙirga kuɗi gaban mutum biyu a kowace miƙa aiki, wannan ya isa ya nuna da gaske ake.

Kan takardun makaranta ba zan ja ba. Mutane na rubuta digiri ko babbar difloma don gidan ya yi kwarjini, alhali aikin na buƙatar karatu da rubutu mai tsabta, da lissafin kuɗi, da iya Hausa da Turanci. Mai digirin zai karɓa don babu, ya kuma tafi ranar da ya sami abin da ya fi. A raba abin da yake dole da abin da yake ƙari ne. Dole: kammala sakandare, da harsunan nan biyu. Ƙari: taɓa yin aikin otal, ko karatun kula da baƙi a kwalejin kimiyya da fasaha, ko sanin kwamfuta. Batun sai budurwa, sai mai shekara ƙasa da 25, a haɗo da hoto na tsaye, wannan a bar shi. Ba ya cikin aikin, kuma shi ne ke sa iyaye su ɗaga gira da sun ji an ce masauki. Abin da iyalin mai nema ke son ji daban ne: ana sayar da giya a gidan ko ba a sayarwa, akwai kayan aiki na dole, kuma mai hijabi za ta iya sa hijabinta a kai. Kowace amsa ce gaskiyar gidanka, faɗe ta cikin jimla ɗaya.

Yanzu ga yadda sanarwar masaukinmu za ta kasance idan an haɗa ta. Ku saurara, ku ga ko akwai inda za ku tsaya ku ce me ake nufi.

"Ana neman ma'aikaci ɗaya, mace ko namiji, mai karɓar baƙi. Masaukinmu mai ɗaki 14 ne, yana Unguwar Rimi a Kaduna." Nan sai a faɗi sunan masaukin da layinsa da wata alama da kowa ya sani. "Aikin shi ne karɓar baƙi da rubuta su a rajista, karɓar kuɗi a hannu ko ta POS ko ta banki, yanka rasit, amsa waya, da ƙirga kuɗi a miƙa idan an tashi. Ana aiki kwana shida a mako. Mako guda daga 7 na safe zuwa 3 na rana, mako na biye daga 3 zuwa 10 na dare. Babu aikin kwana. Wanda ya tashi ƙarfe 10 yana iya kwana a ɗakin ma'aikata, na mata daban, na maza daban. Albashi naira 75,000, ana biya ranar 28 ga wata, da abinci sau ɗaya a rana. Muna ba da rigar aiki, kuma ana iya sa hijabi. Ba ma sayar da giya. Dole ne mai nema ya gama sakandare, ya iya Hausa da Turanci, ya iya lissafin kuɗi. Ba dole ne ya taɓa aikin otal ba, za mu koyar. Wata uku na farko na gwaji ne, da cikakken albashi. Wanda aka ɗauka zai kawo mutum ɗaya da zai tsaya masa. A turo suna da unguwa da makarantar da aka gama ta WhatsApp zuwa lamba kaza, kafin ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza. Ganawa a ofishin manaja za a yi ta, da rana. Ba ma karɓar kuɗin fom ko na wani abu."

Kun ji ba ta da ado ko kaɗan. Jimlolinta gajeru ne, kowace da abu ɗaya a cikinta, kuma an ce "muna ba da" da "ba ma karɓa" don a san da mutum ake magana. Wannan salo ba baƙo ba ne a wurinmu. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta na Hausa, ta shiga zukatan jama'a ne da Hausar da za a karanta wa wanda bai yi boko ba ya gane. A ƙasashen waje ma abin ya kai ga doka: Amurka ta yi ta a 2010, ta wajabta wa hukumomin gwamnatin tarayya su rubuta wa jama'a abin da za su fahimta.

Jimloli biyun ƙarshe na sanarwar ina so a kula da su. 'Yan damfara sun daɗe da gano cewa mai neman aiki yana da saurin yarda. Su ma sanarwa suke rubutawa, kuma tasu ta yi kama da waccan ta farko sak: babu suna, babu adireshi, albashi mai tsoka, lambar waya, daga baya a ce turo kuɗin fom. Mai masaukin kirki da ya rubuta tasa a dunƙule ya sa rigar ɓarawo bai sani ba. Sunan gida, da layi, da ganawa a ofis da rana, da cewa babu kuɗin da ake biya, su ke raba shi da su. A wannan mataki kuma kada a nemi lambar BVN, ko a ce a kawo takardun asali a ajiye. Kwafi ya wadatar, shi ma sai ga wanda aka kira ganawa. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, kuma ruhinta shi ne kada ka tara bayanin da ba ka da buƙatarsa.

Shekarar da na ce a sa a ranar rufewa kuwa, dalilinta WhatsApp ne. Saƙo ba ya mutuwa a can. Za a yi ta tura shi daga zaure zuwa zaure, bayan wata takwas wani ya tono shi, wayarka ta sake ɗaukar ruri kan kujerar da aka cike tuntuni.

Da wane harshe za a rubuta? Da duka biyun, tunda aikin na buƙatar duka biyun. Amma kada a rubuta Turanci sannan a ba wani ya juya shi kalma da kalma. A rubuta kowanne da kansa, sannan a jera su a duba abu huɗu ko sun zo ɗaya: kuɗi, lokaci, wuri, ranar rufewa. Idan a rediyo za a karanta, a rage jerin ayyukan zuwa uku, a bar kuɗi da lokaci yadda suke, a faɗi lambar waya sau biyu a hankali, domin mai sauraro ba shi da damar komawa baya.

Kafin a saki sanarwa, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A kira maigadi, ko wata ɗaliba da ta gama sakandare, a karanta mata sau ɗaya, a kife takardar, a tambaye ta: ina ne wurin, me za a riƙa yi, ƙarfe nawa zuwa nawa, nawa ake biya, yaya ake nema? Duk tambayar da ta yi inda-inda a kanta, laifin na takarda ne, a koma a gyara wurin. Bayan an saki kuma, wayar da kanta za ta ba da labari. A ajiye takarda kusa da ita, a riƙa rubuta abin da masu kira ke tambaya. In mutum biyar sun tambayi ko ana hutun Juma'a ko Lahadi, to wannan jimla ce da aka manta, a ƙara ta kafin a sake turawa.

Wanda aka ɗauka kuma, doka ta ce cikin wata uku da fara aikinsa a ba shi rubutacciyar takardar sharuɗɗa: irin aikin, albashi da yadda ake biyansa, lokutan aiki, hutu, da wa'adin da kowane ɓangare zai bayar idan za a rabu. Mai masaukin da ya rubuta sanarwarsa kamar yadda muka yi ya riga ya rubuta rabin wannan takarda. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara hutun shekara, wanda dokar ta sa aƙalla kwana shida na aiki da biya bayan wata 12, da wa'adin barin aiki, wanda mako guda ne ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba. Sai a buga kwafi biyu, kowa ya sa hannu, ɗaya a ofis, ɗaya a hannun ma'aikaci.